Yadda rubutun layi uku ya kusa ɓata mana Juma'ar dambu

Yayata tana da gidan abinci ƙarami a yankin Gyaɗi-Gyaɗi cikin birnin Kano, kuma tun da na gama makaranta ni ne ke riƙe da wayar da ake karɓar oda, ni ne kuma ke sanya hotuna a WhatsApp da Instagram. Abincinmu na yau da kullum bai wuce shinkafa da miya da taliya da tuwo ba, don haka rubutun da nake sanyawa a ƙasan hoto bai taɓa ba ni wahala ba, domin masu sayenmu sun riga sun san farashi da lokaci. Wata Litinin sai Yaya ta ce tana so mu riƙa yin dambun shinkafa da zogale duk ranar Juma'a, saboda ma'aikatan ofisoshin da ke kusa da mu sun sha tambayarsa. Inna, wadda ita ce babbar mai girkinmu, ta ce wannan ba abin damuwa ba ne, ta daɗe tana yin sa a gidajen biki. Aka bar mini sanarwa, ni kuwa na ɗauka aikin minti biyar ne.

Ranar Alhamis Inna ta yi ɗan gwaji, na ɗauki hoton faranti ɗaya da wayata, da misalin ƙarfe 9 na dare na ɗora shi a Status da kuma Instagram. Abin da na rubuta a ƙasa shi ne: "Sabon abu ya sauka! Dambun shinkafa gobe daga 12 zuwa 5. Muna kaiwa ko'ina a cikin gari, a tuntuɓe mu." Na karanta shi sau biyu, na ga ya yi daɗi a baki, na kwanta. Ban tambayi Inna roba nawa za ta iya fitarwa ba, ban tambayi masu kai mana saƙo ko suna aiki a wannan lokacin ba, farashin ma ban sa ba, domin Yaya ba ta gama yanke shawara a kansa ba, ni kuma na ga ai duk mai so zai tambaya.

Sun kuwa tambaya. Kafin ƙarfe 10 na safiyar Juma'a saƙonni sun haura arba'in, kuma kusan dukkansu kalma biyu ce, "nawa ne?" Ina amsa wannan, wani yana shigowa, har na riƙa tura wa mutum ɗaya amsa sau biyu ina tsallake wani. Inna ta dafa abin da ya cika roba talatin, kuma kafin ƙarfe ɗaya da rabi babu ko ƙwaya a madambaci, alhali rubutuna ya ce har ƙarfe 5. Mutane suka ci gaba da zuwa bayan an sauko daga masallaci, wasu da iyalansu a mota, kowa sai ya nuna mini wayarsa ya ce ga abin da kuka rubuta. Wani dattijo bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Ɗana, da ka ce sai wanda ya riga, da ban taso daga Hotoro ba." Wannan maganar ta fi zagi ciwo a wurina, domin gaskiya ya faɗa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce odar wata Hajiya daga Rijiyar Zaki. Ta biya kuɗin roba uku da kaza wajen ƙarfe ɗaya saura minti goma, na zuba mata daga na ƙarshe, na kira mai babur ɗin da ke kai mana saƙo, sai ya ce shi ya riga ya kama hanyar masallaci, sai an idar. Sauran biyun ma haka suka ce. Abincin ya zauna a cikin roba a rufe fiye da awa biyu, kuma duk wanda ya san dambu ya san ba ya son haka, domin tururin da ke taruwa a murfi yana komawa ciki, warwarar nan da ake so ta tafi, ya dunƙule kamar tuwon da bai nuna ba. Bai isa hannunta ba sai wajen uku da rabi. Da mai babur ya nemi kuɗin kaiwa, sai ta ce ita abin da ta karanta shi ne "muna kaiwa", ba ta ga inda aka ce za ta biya ba. Na kira ta na ce, "Ranki ya daɗe, laifinmu ne," muka mayar mata da kuɗinta, muka kuma biya mai babur daga aljihunmu. Washegari Asabar kuma mutum huɗu suka zo neman dambu. Sai a lokacin na gane cewa Status yana zama awa 24, don haka wanda ya buɗe shi da safiyar Juma'a ya karanta "gobe", a wurinsa Asabar ake nufi.

Da yammacin Asabar ɗin Yaya ta zaunar da ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce kada in sake rubuta komai game da dambu sai na je na zauna da duk wanda rubutun zai ɗora wa aiki, kuma in fara da kicin. Ranar Litinin da safe na ɗauki littafi da biro na zauna kusa da Inna, na roƙe ta ta yi dambun kamar ranar sayarwa ce, ni kuma ina duba agogo. Ta wanke tsakin shinkafa ta tsane shi, ta zuba a madambaci ta rufe, aka yi turarawar farko. Ta sauke ta juye a babban kwano, ta warware shi, ta zuba zogale da albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa da kayan ɗanɗano, ta cakuɗa, ta mayar aka yi turarawa ta biyu. Daga ɗora tukunya zuwa zubawa a roba, tare da soya mai da albasa, ya ɗauki awa ɗaya da rabi, ban da gyaran zogale da yankan kayan miya da ake yi tun da sassafe. Madambatanmu biyu ne, kowanne yana ba da roba goma sha biyar. Na tambaye ta ko za a iya cika su sosai a samu ashirin-ashirin, sai ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, idan ka danna shi tururi ba zai ratsa ba, sama ta nuna, tsakiya ta zauna tsaki." A nan na samu lambobi biyu na farko da rubutun ke buƙata: roba talatin a sauki ɗaya, kuma sauki biyu kawai za a iya yi ba tare da an taɓa sauran girkin ranar ba, wato sittin ke nan. Muka tsayar cewa saukin farko zai fito ƙarfe 11:30 na safe, na biyu kuma 2:30 na rana.

Ranar Talata muka zauna da Yaya a kan farashi, kuma wannan zaman ya fi kowanne tsawo, domin ita ta saba lissafin kayan girki ne kawai. Da muka haɗa tsaki da zogale da man gyaɗa da gyaɗa da kayan miya da gas, sannan muka ƙara robar tekawe da cokali da leda, waɗanda su kaɗai suke cin kusan naira 250, sai roba ɗaya ta tsaya mana a kan naira 1,700. Muka sa farashin dambu zalla naira 2,500, wanda aka ɗora wa yankan kaza soyayye kuma naira 4,500. Yaya ta so a ɓoye farashin kamar yadda wasu ke yi, a ce a shigo ta saƙo a ji, saboda kada masu gidan abincin da ke kusa su gani su karya nasu. Na nuna mata saƙonni arba'in ɗin nan na "nawa ne?", na kuma nuna mata cewa daga cikinsu waɗanda suka saya ba su kai rabi ba, wasu ma sun gaji da jiran amsata ne suka tafi. Maƙwabcin da yake son sanin farashinmu yaro zai aiko ya saya, ba ya buƙatar rubutuna. Ta yarda, amma da sharaɗin in rubuta farashin biyu a fili, kada wani ya ga hoton kaza ya zo da kuɗin zalla.

Lissafin ya kuma kashe wani tunani da nake da shi, na cewa mu yi kaiwa kyauta a makon farko don jawo mutane. Ribar roba ɗaya naira 800 ce, mafi arahar kuɗin kaiwa kuwa ya fi haka, ke nan duk wanda ya yi odar roba ɗaya muka kai masa kyauta, mun yi girki mun kuma bi shi da kuɗi.

Ranar Laraba na nemi masu kai saƙon nan uku mu haɗu. Na ce ƙarfe 10, amma babbansu bai iso ba sai wajen sha biyu saura, domin yana da aike a Sabon Gari, kuma sauran sun ce ba za su yanke farashi ba sai yana nan. Na saya musu lemo muka zauna a bencin ƙofar shago. Abu na farko da ya faɗa mini shi ne kalmar "ko'ina" ba ta da ma'ana a wurinsu, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba wanda ke yin kuɗi ɗaya ga Tarauni da Kurna. Muka bi unguwanni ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa suna ba ni kuɗi da kimanin lokacin zuwa. Na kusa, wato Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Titin Gidan Zoo, naira 1,000. Na tsakiya, irin su Hotoro da Unguwa Uku da Na'ibawa da Nassarawa, naira 1,500. Na nesa kamar Kabuga da Ɗorayi da Rijiyar Zaki da Kurna suka ce naira 2,500, kuma babban ya ƙara da cewa, "Malam, gaskiya ranar Juma'a idan na tafi Rijiyar Zaki da roba ɗaya, na bar mutum biyar na kusa suna jira." Muka yanke cewa unguwannin nesa sai odar ta kai roba biyar za mu kai, wanda bai kai haka ba ya turo ɗan sahunsa ko yaronsa ya karɓa a shago.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta kayar da ni a makon farko. Suka ce daga ƙarfe ɗaya saura kwata zuwa biyu da rabi kada in sa su a lissafi ranar Juma'a. Ko da wani ya yi sallarsa da wuri, masallatan Juma'a a Kano ba lokaci ɗaya suke tayarwa ba, kuma inda sahu ya fito kan titi dole a zagaya ko a jira. Wannan ne ya sa na cire "bayan sallar Juma'a" daga cikin kalmomin da zan yi amfani da su, duk da cewa haka kowa ke magana, domin wanda masallacinsu ya idar ƙarfe ɗaya zai fara kirana tun ɗaya da kwata, alhali dambun yana kan wuta. Akwatin kowane babur yana ɗaukar roba shida ba tare da an danne su ba, kuma kafin sallah fita ɗaya kawai za su iya yi, wato roba goma sha takwas. Sauran goma sha biyun saukin farko na masu zuwa shago ne. Suka kuma roƙi in rufe karɓar oda rabin awa kafin a sauke, don su samu su jera gidajen bisa hanya, kada mutum ya je Hotoro ya dawo a ce masa akwai wata odar a layin da ya baro.

A ranar da yamma na kira wani mai ɗaukar hoto da abokina ya haɗa ni da shi, muka yi ciniki a kan naira 10,000. Ya zo Alhamis da hantsi, ya ce a fito da tebur bakin taga saboda hasken rana ya fi fitilar shago nuna koren zogale, kuma a wannan ya yi gaskiya. Inda muka saɓa shi ne da ya tula dambun a babban faranti ya jera yankan kaza biyu da dafaffen ƙwai da yankakken kokwamba a gefe. Hoton ya yi kyau ƙwarai, amma Inna ta leƙo ta ce, "Wannan na nawa ne? Ni dai ban san shi ba." Muka sa aka sake ɗauka da ainihin robar da za mu sayar, cike daidai yadda ake cika ta, da yankan kaza ɗaya. Shi bai ji daɗi ba, ya ce hoton farko zai fi jan ido. Ni kuma na tuna mutanen da suka riƙa nuna mini wayoyinsu, na san wanda ya ga ƙwai a hoto zai buɗe roba yana neman ƙwai. Ya yi alkawarin turo hotunan ƙarfe 2, ba su shigo ba sai bayan La'asar, bayan na kira shi sau uku.

Sai bayan duk wannan na zauna rubutu, kuma abin mamaki bai ɗauke ni minti ashirin ba, domin kowane layi akwai wanda ya ba ni shi. Abin da na yi ta juyawa shi ne tsarin jerawa. Instagram yana yanke rubutu bayan kimanin haruffa 125, sauran sai an danna more, kuma yawancin mutane ba sa dannawa. Saboda haka na cire sallama mai tsawo da kirarin da na fara da shi, na sa sunan abinci da rana da farashi a farko. Na kuma sanya allon rubutun Hausa a wayata don in samu ƙ da ɗ da ɓ, saboda na gaji da rubuta "karfe" da "kudi". Kafin in ɗora, na kai wa Gwaggo, wadda ba ta san komai game da shirin ba, na ce ta karanta sau ɗaya ta ba ni wayar, sannan na tambaye ta me ake sayarwa, nawa ne, yaushe, ana kaiwa unguwarsu ko ba a kaiwa, kuma me za ta yi idan tana so. Ta amsa huɗu daidai, ta tsaya a kan lokaci. Na rubuta "11:30 da 2:30", ita kuma ta fahimci daga sha ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ake sayarwa. Ta kuma tambaye ni ko akwai gyaɗa a ciki, domin jikanta ba ya cin ta, jikinsa yana yin borin jini. Ban taɓa tunanin wannan ba, alhali gyaɗar ba ta fitowa a hoto. Na gyara wuraren biyu, ga yadda rubutun ya tsaya:

"Dambun shinkafa da zogale, duk ranar Juma'a. Roba ɗaya naira 2,500, da yankan kaza naira 4,500. Sau biyu muke saukewa: na farko ƙarfe 11:30 na safe, na biyu ƙarfe 2:30 na rana, roba 30 kowane sauki, idan ya ƙare ya ƙare. Masu son a kai musu su yi oda kafin 11:00 na safe don saukin farko, ko kafin 2:00 na rana don na biyu. Ba ma kaiwa daga 12:45 zuwa 2:30 na rana saboda sallah. Kuɗin kaiwa daban yake, mai oda ne ke biya: Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Hausawa da Titin Gidan Zoo naira 1,000, Hotoro, Unguwa Uku, Na'ibawa da Nassarawa naira 1,500, Kabuga, Ɗorayi, Rijiyar Zaki da Kurna naira 2,500, waɗannan huɗun na ƙarshe sai daga roba biyar zuwa sama. Akwai gyaɗa a ciki. A turo oda ta WhatsApp a lambar da ke jikin hoton, tare da unguwa da kwatance. Sai kuɗi ya shigo muke ajiye wa mutum."

Lambar asusun banki ban sa ta a ciki ba, da gangan. Rubutun da ke yawo kowa yana iya kwafe shi ya canza lamba ya tura wa mutane da hotonmu, don haka sai mutum ya yi magana da mu a lambarmu muke ba shi asusu, kuma muna gaya masa sunan da zai gani kafin ya tura. Layin ƙarshe kuma Yaya ce ta nace a kansa, saboda a makon farko mun ajiye wa mutum biyu da suka ce "ina zuwa yanzu", muka hana waɗanda ke tsaye da kuɗi a hannu, su kuma ba su zo ba. A wurinmu hoton rasit ba ya nufin kuɗi ya shigo, sai na buɗe asusun na gani da idona.

Na ɗora a Instagram daren Alhamis, a Status kuma na ɗora daren Alhamis na sake ɗorawa ƙarfe 8 na safiyar Juma'a. A Status ban liƙa dogon rubutun a ƙasan hoton ba, domin yana rufe rabin abincin kuma hoton yana wucewa kafin a gama karantawa. Na sa layi biyun farko a ƙasan hoto, sauran na yi masa shafi na biyu na rubutu zalla. Akwai bambancin da ya kamata a sani: rubutun Instagram ana iya gyara shi bayan an ɗora, na Status kuwa sai dai a goge a sake, kuma waɗanda suka riga suka gani ba za su san an canza ba. Na kuma ajiye bayanin kuɗin kaiwa a Quick replies na WhatsApp Business, don duk wanda ya tambaya in tura masa da dannawa ɗaya.

Juma'a ta biyu saƙonnin da suka shigo sun canza kama. A maimakon "nawa ne?" sai na riƙa ganin "biyu da kaza, Tarauni, saukin farko", har da kwatance. Goma sha takwas na kaiwa kafin sallah suka cika tun ƙarfe goma da rabi, masu babur suka fita sha biyu saura kwata, suka dawo kafin lokacin da suka ce. Saukin biyu ya ƙare wajen huɗu saura. Amma ba a rasa tuntuɓe ba. Wata ma'aikaciya daga Bompai ta tambayi rukunin da take ciki, domin ban ambaci unguwarsu ba, haka ma wani daga Sharaɗa. Ba zai yiwu in jera dukan unguwannin Kano a ƙasan hoton dambu ba, don haka na ƙara jimla ɗaya cewa wanda bai ga unguwarsa ba ya tambayi kuɗin kaiwa kafin ya biya. Kuskure na biyu nawa ne: da saukin farko ya ƙare ban sanar ba, mutum uku suka zo ƙarfe ɗaya suka tarar babu, sai suka jira na biyu ba da son ransu ba. Tun daga ranar nake ajiye hoto a shirye mai ɗauke da "Saukin farko ya ƙare, na biyu 2:30 na rana", ina ɗora shi da zarar an zuba robar ƙarshe, da dare kuma ina goge sanarwar ranar gaba ɗaya don kada ta kwana.

Idan wani zai yi irin wannan rubutu ga nasa gidan abincin, abin da zan ce ya fara da shi shi ne agogon kicin, domin lokacin da na rubuta a makon farko lokacin buɗe shago ne, ba lokacin da dambu yake akwai ba, kuma ga abincin da ake saukewa sau ɗaya ko sau biyu waɗannan lokuta ba ɗaya ba ne. Shinkafa da miya za su iya zama a kula daga rana har yamma, dambu da masa da sinasir kuwa suna da lokacin da suke da daɗi, don haka gara a faɗi lokacin saukewa da adadin da ake da shi. Kalmomin "yau" da "gobe" kuma na daina sa su sai tare da sunan rana, kuma kowane ƙarfe ina bin sa da "na safe" ko "na rana". Game da kaiwa, abubuwa uku ne suka jawo mini rigima da na bar su a buɗe: wa zai biya, har ina ake zuwa, da lokacin da ba a fita. Mai babur ne ya san amsar biyu daga ciki, kuma ni da ke zaune da waya a shago ba zan iya ƙirƙiro su ba.

Rubutun bai zauna yadda yake ba har yau. Da farashin kaza ya tashi mun canza lamba ta biyu, kuma na koyi in goge tsohon hoton da ke ɗauke da tsohon farashi, domin akwai wanda ya tono shi ya turo mini yana neman a sayar masa a haka. Da damina ta kama, babban masu babur ya sa na ƙara cewa idan ana ruwa kaiwa za ta jinkirta kuma za mu kira mai oda mu sanar da shi. Yanzu kuma Inna ta fara maganar azumi, ta ce sauki ɗaya za ta yi, ya fito bayan La'asar, masu babur kuwa sun riga sun gaya mini cewa duk odar da ba ta bar shago awa ɗaya kafin shan ruwa ba, ba za su ɗauka ba, saboda cunkoson da ake yi a hanya a wannan lokacin. Na sa ranar Laraba mai zuwa mu sake zama da su a bencin ƙofar shago, da littafina.